Kaye, waya ko allo: wanne za ka saya don rufe aikin rana?

Wani ƙanena da ya buɗe shagon gyaran waya a nan Garwa ya tambaye ni, "Yaya, wace manhaja kake amfani da ita wajen tsara aikin gobe?" Na ɗaga masa kaye mai shafi 200, irin na 'yan makaranta, gefensa duk man keken ɗinki. Dariya ya yi. Amma kafin in tsaya a kan wannan kayen na gwada abubuwa huɗu a shagona na ɗinki, kowanne kuma ya nuna mini halinsa.

Aikin da ake so kayan ya yi ba shi da yawa. Minti goma kafin kiran magariba ka zauna, ka rubuta duk abin da aka fara ba a gama ba, ka nuna inda ya tsaya, sannan ka zaɓi uku da za a fara da su gobe, ka rufe. Jeri biyu ke nan masu hali daban. Na ragowar aiki dogo ne, yana bukatar wurin da zai daɗe. Na ukun gajere ne, yana bukatar wurin da ido zai faɗa masa da safe ba tare da an nema ba. Yawancin kayan da ake saya ɗaya suke iyawa, ɗayan su gaza.

Mu fara da waya, tun da ita ce a aljihun kowa. Google Keep kyauta ce, tana aiki ko babu data, kana yin jeri mai akwatunan dannawa, wanda ka danna ya sauka ƙasa. A WhatsApp kuma kana iya tura wa kanka saƙo, har ka maƙala saƙonni uku a saman hirar, ka zaɓi su tsaya awa 24. Kamar don wannan aiki aka yi shi. Ga mai yawo, dillali ko mai bin kaya tsakanin Garwa da Marwa, waya ta fi, domin kaye yana shago shi yana tasha. Matsalarta kuwa, ƙofar da za ka bi ka rubuta ita ce ƙofar da saƙonni ke shigowa. Wata biyu na yi ina gwadawa. Na buɗe don in rubuta, sai ga muryar wata Hajiya tana son a canza wuyan riga, sai ga hoton wani ɗinki, kafin in ɗago an tada iƙama ban rubuta komai ba. Ƙara da cewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwan madatsar Lagdo kan ja baya, wuta ta riƙa yankewa. Wayar da ta mutu da la'asar ba ta rufe maka rana. Yaran shago ma ba sa ganin abin da ke cikinta.

Ajanda mai kwanan wata, mai baƙin bango, tana da kyau a kan tebur, kuma ta fi duka tsada in ka cire waya. Shafi ɗaya take ba kowace rana, alhali makon sallah shafi uku ba ya isa ta, bayan sallah kuma sai in yi kwana goma ba abin rubutawa. Ma'aikacin ofis ta dace da shi. Ni ban ƙara saya ba.

Allo kuwa gwani ne wajen ukun. Ƙaramin allon ɗan firamare da alli ya fi farin allo mai maka, don bakin maka yana bushewa da wuri a zafin nan, musamman in yaro ya manta murfin. Ƙanƙantarsa ce amfaninsa, layi uku ne ke shiga, na huɗu sai ka matse. Sai dai allo ba shi da tarihi, abin da ka goge ya tafi. Kuma kada ka rubuta suna da kuɗi a kai. Na taɓa rubuta cikon kuɗin da nake bin wani bashi, ya shigo da abokinsa suka karanta tare. Har yau bai dawo ba.

Kaye shi ne ya riƙe dogon jerin. Sayi mai ɗinkakken baya, kada ka sayi mai zoben waya, shafukansa na zubewa. Mai shafi 200 yana kai ni wajen wata shida. Ɗaure masa biro da zare, domin rashin biro kaɗai ya isa ya kashe al'adar a mako guda. Laifinsa ɗaya, ba ya tunatar da kai, in ba ka buɗe ba shiru zai yi. Shi ya sa nake haɗa shi da allon, kuɗin su biyun bai kai na data ta mako ba.

Ga yadda wata Laraba ta kasance, kwana tara kafin ƙaramar sallah. Ragowar aiki goma sha ɗaya ne. Da can "kaftanin Alhaji" zan rubuta, wanda ba ya gaya wa kowa komai. Yanzu na rubuta, "Kaftani biyu, an haɗa jiki, saura aikin wuya, zaren ruwan toka ya ƙare." Da na rubuta haka sai na ga ashe aikin gobe ba ɗinki ba ne, sayen zare ne. Kowane layi sai ya faɗi inda aka tsaya da abin da hannu zai fara taɓawa.

Wajen zaɓen ukun tambaya uku nake yi. Wanne na yi alkawarin bayarwa gobe? Wanne ne in ban yi ba hannun wani zai tsaya? Wanne zai shigo da kuɗi? Ran nan allon ya ɗauki: guga da naɗe kayan amarya kafin ƙarfe goma, yanke shadda huɗu don yara biyu su sami abin ɗinkawa, sayo zare a babbar kasuwa. Sauran takwas suna cikin kaye, ba su ɓata ba, amma ba su hau allo ba.

Kowane yamma sabon shafi nake buɗewa, in sake kwafe abin da ya rage da hannu. Wahalar kwafewar da gangan ce, kuma nan ne kaye ya fi manhaja, wadda za ta ɗauke maka aiki wata uku ba ta gaji ba. Duk lokacin da na kwafe layi sai in sa masa ɗigo. Ɗigo uku na nufin ɗaya daga cikin abu uku: aikin ya yi girma sai an yanka shi, ko wani nake jira sai in kira shi, ko kuma ba zan yi ba, gara in mayar wa mai shi yadinsa tun da sauran lokaci.

Akwai binciken da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Baylor a Amurka, a kan mutum 57. Waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun riga waɗanda suka rubuta abin da suka gama yin barci da kimanin minti tara, kuma wanda ya fi fayyace jerinsa ya fi saurin barci. Da takarda da biro suka yi. Ni dai abin da na lura, na daina farkawa ƙarfe biyu ina tunanin ko an sa maɓallin rigar nan.

Ƙanen nawa ya zaɓi Google Keep, ya ce shagon waya ba ya rasa caji. Na ce to, amma ya kashe data kafin ya buɗe, ya kuma sayi allo don yaronsa. Allon ya saya. Batun kashe datar ne muke ta ja har yanzu.