"Hawan jini" ko "jini ya yi yawa": wanne za a faɗa wa tsoho?

"Ni sabuwar ma'aikaciyar lafiya ce a ƙauye. In awon tsoho ya haura, in ce masa yana da hawan jini, ko in ce jininsa ya yi yawa? Na ga kamar na biyun ya fi saurin shiga kunne."

Ya fi saurin shiga kunne kam, 'yar'uwa, amma abin da yake kaiwa ba gaskiya ba ne. Jinin bai ƙaru ba, ƙarfin da yake tunkuɗar jijiyoyi ne ya ƙaru. Kuma Bahaushe ya san maganin jinin da ya yi yawa: wanzami. Na taɓa karɓar wani dattijo da awonsa ya kai 170/100, aka ce masa jini ya yi masa yawa. Bayan wata guda ya dawo da tabon ƙaho a baya, ƙwayoyin na aljihu ko ɓarewa bai yi ba, awon kuwa yana inda yake. Ban ga laifinsa ba, abin da aka gaya masa ya bi. Ga kuma tsohuwar da aka ce tana da ƙarancin jini, yanzu a ce ya yi yawa. Dole ta ɗauka ɗayanmu bai san aikinsa ba, alhali cututtukan biyu na haɗuwa a jiki ɗaya.

"Hawan jini" kuwa kowa ya san shi, kuma ba ya tura mutum wurin ƙaho. Rauninsa daban ne. A bakin mutane ya haɗe da ɓacin rai, shi ya sa uwa ke cewa "kada ka sa mini hawan jini." Sai tsoho ya ɗauka abu ne mai hawa da sauka: in hankali ya kwanta, kai ba ya ciwo, a ajiye magani. Nan ne shanyewar ɓarin jiki ke samun ƙofa, don mutum na iya wuce 140/90 shekara da shekaru bai ji komai ba.

"Matsin jini" ya fi kusa da ma'anar, sai dai ba kalmar gida ba ce. A Maradi ko Damagaram kuma "tansiyon" za ki yawaita ji.

Ni hawan jini nake cewa, in ɗora masa misali. Ga manomi nakan ce: "Baba, kun san tiyon ban-ruwa. In aka matse bakinsa, ruwan bai ƙaru ba, ƙarfinsa ne ya ƙaru, in aka daɗe a haka tiyon ya fashe. Maganin nan sassauta matsin yake yi, in kuka daina sha zai dawo, ko kuna jin ciwo ko ba kwa ji."

Kafin ya tashi sai in tambaye shi: "In kun koma gida, me za ku ce wa Hajiya an gano?" In ya ce "jini ya yi mini yawa," sai in gyara zama mu sake daga farko.