Kafin ka biya kuɗin "horon ƙwaƙwalwa": wace dabara ce ke riƙe jijiyoyi 12 a jere

Ƙanena ya shiga sashen likitanci a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sai ya turo mini wata talla ta WhatsApp: horon kwana uku, jikka 15, wai daga nan ba ka ƙara mantuwa. Ya ce, "Yaya, in biya?" Na ce ya dakata, don ni na taɓa biya. Dabarun riƙe dogon jeri da na ga ɗaliban likitanci da na shari'a na amfani da su ba su wuce huɗu ba, kuma duka na gwada su a kan abu ɗaya, wato jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa.

Wadda kowa ke farawa da ita ita ce jimlar haruffan farko. Duk wanda ya zauna a anfi, wato zauren lacca, ya san jimlar Faransancin nan ta Oskar da Tereza, wadda harafin farko na kowace kalmarta shi ne farkon sunan jijiya ɗaya. Kyauta ce, cikin minti biyu ka haddace ta, kuma ita ce ta kunyata ni a jarrabawar baka. Haruffa huɗu a cikinta sun zo sau biyu-biyu, ga shi an gina ta kan tsofaffin sunaye. Jijiya ta 4 a da patetik ake ce mata, yanzu turokleyer. Ta 10 da numogastirik ce, yanzu bag. Malam ya tambaye ni ta 10 da aikinta, na tsaya ina ƙirga kalmomi da yatsu, na iso kan harafin da bai dace da sunan da ke cikin kayena ba, shi ke nan na yi tsit. Jimlar harafi take ba ka, ba ta gaya maka abin da jijiyar ke yi. In jerin bai wuce abu huɗu ko biyar ba, kamar sharuɗɗa huɗu na ingancin kwantiragi da ƴan shari'a ke karantawa, ta isa.

Rera jerin kamar waƙa yana zama a kai, amma in aka tsayar da kai a tsakiya sai ka koma farko. Katunan Anki kuwa, wato katunan tambaya da amsa na wata manhaja, maganin mantuwa ne, ba na jeri ba, don a warwatse suke zuwa. Kyauta ne a ordinater da Android, a iPhone ne ake biya.

Wadda nake so ita ce gidan tunawa. Tsohuwa ce ƙwarai, masu jawabi na Girka da Rum da ita suke riƙe huɗubarsu. Ka zaɓi gidan da ka sani ko ido rufe, ka tsayar da hanya ɗaya wadda ba ta komawa baya, ka ajiye kowane abu a wuri guda. Ni gidanmu na Tawa na ɗauka.

A ƙofar gida warin daddawa ya buge ni: olfaktif, jijiyar sansana. A zaure kakana na zaune da tabarau mai girman faifai: optik, ta gani. Wuri na uku randa ce. Na buɗe, ga ƙwayar ido tana yawo a ruwa, ina ɗaga fatarta da moɗa. Wannan okulomoter ce, mai yawancin motsin ido, mai ɗaga fatar ido da tsuke ɗan baƙin tsakiya. Shi ya sa in ta mutu fatar ke faɗowa, idon ya karkata waje da ƙasa. Na huɗu rijiya ce, kuma nan dabarar ta fi burge ni. Sunan turokleyer daga abin nan yake da igiyar guga ke bi ta kansa, kuma mai leƙa rijiya ƙasa yake dubawa. Wanda wannan jijiya ta samu matsala, lokacin sauka daga matakala ya fi ganin abu biyu-biyu. Hoto ɗaya ya ba ni suna, da aiki, da alamar ciwo.

Na biyar murhu ne da duwatsunsa uku: tirijumo mai rassa uku, goshi da kunci da haɓa, ita ce kuma mai tauna. A turke akuya na jan igiya tana neman fita waje: abdusan, mai kai ido gefen waje. A ɗakin Inna na ga fuskata a madubi ta karkace, ido na hawaye: fasiyal. A kan tsanin rumbu ina tangaɗi, ganga na tashi a kunnena: ta 8, ji da daidaito. Haka har ƙofar baya, inda wani yaro ke fiddo mini harshe: ipogulos, ta 12.

Na yi wa wuri na 5 da na 10 alama, hannu a bangon madafa, hannu biyu a jikin bedi. In aka ce mini ta 7, murhu nake faɗawa in yi taku biyu. Abin da jimlar Oskar ta kasa yi mini ke nan.

Ba kuɗi take ci ba, lokaci take ci. Ginin farko ya ɗauke ni kusan awa ɗaya, kuma sai da na bi gidan washegari, da bayan kwana uku, da bayan mako, kamar tilawar almajiri. Hoton da bai da wari ko motsi ko abin dariya shi ne ke fara gogewa, kuma za ka gane shi in ka iso wuri ka tarar ba kowa. Sauya shi, kada ka yi ta maimaita shi. Babban kuskurena shi ne da na zuba ƙasusuwan wuyan hannu 8 cikin gidan nan dai, akuya ta haɗu da ƙashi a turke ɗaya. Kowane jeri da nasa gida: masallacin unguwa, hanyar lakkol, layin kasuwa. Ɗan shari'a kuma ya sani, gidan zai riƙe masa jerin ayoyin doka da abin da kowace ta ƙunsa, amma lafazinta kalma da kalma sai hadda.

Yanzu masu sayar da horo. Abin da suke koyarwa, in ma sun koyar, wannan gidan ne aka sake wa suna. Wanda na biya ya tsaya gaban zaure ya ce a ba shi kalmomi 50, ya maido su tsaf, muka yi ta tafi. Daga baya na lura mutane uku ne kawai ke miƙa kalmomin, kuma tare da shi suka tafi a mota ɗaya. Kwana na biyu labarin nasararsa muka sha, na uku aka ce sirrin na mataki na gaba ne, sai an ƙara kuɗi. Duk wanda ya yi maka alkawarin ƙwaƙwalwa mai ɗaukar shafi kamar kyamara, riƙe jikkunanka. Dabarar gaskiya tana aiki, amma ba a kwana uku ba. A wani bincike da aka buga a 2017, mutane sun yi kusan mako shida suna atisaye na rabin awa kullum kafin su tashi daga kimanin kalmomi 26 zuwa 62 cikin 72.

In ka nace sai ka biya, gwada shi tukuna. Kai masa jeri daga kayenka, wanda bai taɓa gani ba, ka ce ya gina shi a gabanka, ya karanto daga ƙarshe zuwa farko, sannan ya faɗi na 9 kai tsaye. Ka tambaya ko akwai tsohon ɗalibinsa da zai maido jerin da ya koya wata ɗaya baya. Ka guji mai son a tura kuɗi ta waya kafin a faɗi wurin taron, da mai haɗa horon da garin magani ko ƙwayar "buɗe kai". Masu cewa taramol na taimakon karatu kuwa, mun ga ɗaliban da ya kai asibiti da farfaɗiya.

Ƙanena bai biya ba. Ya ɗauki gidan gwaggonmu na Harobanda inda yake zaune, ya kira ni da dare yana ƙorafin wurare 9 kawai ya samu. Na ce ya fara daga mai shayin bakin titi.