Hadisi Zalla Ko Labarin Furen Tumfafiya

A wata makarantar 'ya'yan Hausawa a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, bakin Kogin Nilu Shuɗi, yara sun sa wani sabon ɗalibi a gaba saboda jallabiyarsa ta koɗe. Hanya biyu ke gaban shugaban makaranta a layin safe.

Yana iya karanto Suratul Hujurat aya ta 13 da hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Allah ba ya duban surarku da dukiyarku, sai zukatanku da ayyukanku. Hujja ce da ba mai ja, kuma minti biyar ta isa. Sai dai yaran sun haddace ta tuni, za su amsa a baki, su koma tsokana lokacin faɗur, wato hutun karin kumallo.

Ɗaya hanyar, ya ɗago furen tumfafiya ya ce, "'Ya'yana, wa zai sa wannan a miya?" Su yi dariya, sannan ya tambaye su wa suke ba ajiyar kuɗin da suka tara, mai sabon takalmi ko wanda bai taɓa cin ko fam ɗaya ba? Wannan ta fi kama ni. Hatsarinta ɗaya: in ya kuskura ya kwatanta yaron, duk idanu za su koma kansa, an ƙara masa kunya ke nan. Alamar haka ita ce layi ya fara waiwaye.