Kunun aya ga mai ciwon suga a Legas: wanne za ka saya?

Ana yawan cewa kunun aya ba ya cutar da mai ciwon suga tunda ba lemon kwalba ba ne. Wannan magana tana damuna, domin aya daban, kunun da aka tace daga jikinta daban.

Aya saiwa ce da ke girma a cikin ƙasa. Busasshiyarta na ɗauke da mai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, galibi mai kyau irin na zaitun, ga sitaci, ga suga nata na halitta, ga fotashiyam da maganiziyam. Abin da ya fi amfanar mai ciwon suga shi ne dusarta, domin ita ke rage saurin shigar suga cikin jini. To da an markaɗa an tace, yawancin dusar nan a abin tata take tsayawa a zubar. Abin da ya shiga gora shi ne ruwa, mai, sitaci da zaƙi.

Mu fara da gorar da ake sayarwa a bakin titi ko ƙofar masallaci a Agege, Idi-Araba da Obalende. A ce mai yin kunu ta haɗa lita 5, ta zuba dabino 40 da gwangwanin madara ɗaya na suga. Ƙaramin dabino na da suga wajen giram 5, ka ga giram 200 ke nan. Gwangwanin kuma wajen giram 130. Idan ta raba a gora 10 masu rabin lita, kowace ta tashi da giram 33, wato cokalin shayi 8, ba a ma lissafa zaƙin ayar kanta ba. Wannan ya kusa kamo kwalbar lemo. Ba laifin mai sana'ar ba ne, masu saye ne ke son zaƙi. Amma mai ciwon suga ya bar wannan gora. Akwai kuma batun lalacewa: a zafin Legas, in ba sanyi, kunun aya na juyawa cikin 'yan awoyi. Gorar da ta kumbura, ko ta yi tsami ko yauƙi, kowa ma ya guje ta.

Na biyu shi ne wanda aka rufe da tambari a manyan kantuna. Ya fi tsada, amma yana da takarda a jiki. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, sannan jerin kayan haɗi. Rubutun cewa ba a ƙara suga ba kada ya ruɗe ka idan akwai dabino ko zuma, duk suna ɗaga sugan jini. Adadin kabohaidiret, wato sitaci da suga, sau da yawa na mililita 100 ne ake rubutawa, don haka in gorar rabin lita ce sai ka ninka sau 5. Wanda babu wannan bayani a jikinsa, ɗauke shi kamar na bakin titi.

Ni dai na gida na fi amincewa da shi. Sayi aya a Mile 12 ko kasuwar unguwa, a tsince tsakuwa, a wanke sosai, busasshiya a jiƙa ta kwana. A markaɗa da citta da kanumfari, ɗan kwakwa in ana so, babu dabino babu suga. A tace da rariya mai ɗan faɗin ido don wani abu na dusar ya wuce. Ƙaramin kofi ɗaya, wajen mililita 200, ya isa, kuma a rage tuwo ko shinkafar wannan lokacin, domin shi ma abinci ne. Wanda haƙoransa ke da ƙarfi, tauna ɗan ƙaramin hannu na ayar ya haɗiye da dusar ya fi masa kunun.

Jikin kowa da yadda yake karɓa, saboda haka na'urar gwajin suga ce za ta raba gardama. Auna kafin ka sha, sha kofin shi kaɗai, ka sake aunawa bayan awa 2. A ce Baba ya fara da 120 ya tarar da 150, kofin ya zauna masa. In ya tarar da 210, ya haura 180 mg/dL da likitoci kan sa wa yawancin masu ciwon a matsayin iyaka bayan cin abinci, sai ya rage kofin zuwa rabi ko ya bari. Wanda sugansa na safe ya riga ya yi sama, ba ranar gwaji ba ce.

Kunun aya ba ya maye gurbin maganin da aka rubuta maka, ƙwaya ce ko allurar insulin. Wanda kuma ciwon ya taɓa masa ƙoda, ya tambayi likitansa kafin ya mayar da shi abin sha na kullum, saboda ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da fotashiyam yadda ya kamata.