Zaiba, sayanaid ko boraks: me ya kamata mai wankin zinare ya fara saye?

Idan ɗan kuɗi ya taru a hannun mai wankin zinare, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne ya ƙaro kwalbar zaiba, wadda ake kira makuri, ko ya haɗa kuɗi da abokai su gina tankin sayanaid, sinadari mai guba da ke narkar da zinare daga cikin ƙasa. A ganina duka biyun ba su ne farkon abin saye ba. Kuɗin farko kayan tacewa ya kamata su ci, domin yawan ƙasar da ta rage a hannunka bayan wanki shi ke nuna ko kana bukatar guba, da kuma nawa.

Mu ɗauki tan ɗaya na dutse mai giram 10 na zinare a ciki. Wanda ya zuba zaiba cikin injin niƙa tare da dutsen gaba ɗaya, injin zai farfasa ta ta zama ƙananan ɗigo kamar gari, waɗanda ba sa sake haɗewa kuma ba sa kama zinare. Suna bin ruwa su tafi cikin laka. Ta wannan hanya akan yi asarar zaiba ninki huɗu na nauyin zinaren da aka samu, wani lokaci fiye da haka nesa ba kusa ba, ga kuma zinare mai yawa da ke tsere wa. Alamar a fili take: ka wanke ɗan laka daga ramin zubarwa a kwano, za ka ga ƙyalli fari-fari mai toka-toka a gindi. Kuɗinka ne ke kwance a wurin, kuma zaiba ba ta ruɓewa. A cikin laka ƙwayoyin halitta kan juya ta zuwa wani nau'i da ke taruwa a jikin kifi, irin gubar da ta nakasa mutanen Minamata a Japan, inda aka gano cutar a 1956.

To, a sake ɗaukar wannan tan ɗin a bi da shi ta tacewa. Zinare ya fi farin dutse nauyi kusan sau bakwai, ya fi baƙin yashi kusan sau huɗu, kuma wannan bambancin shi ne jarinka. Magudanar wanki mai shimfiɗar kafet tana rage tan ɗaya zuwa 'yan kilo. Wajen saye ka duba abu uku. Faɗinta ya dace da ƙarfin ruwan da kake da shi, gangarenta ya zama wanda za a iya ɗagawa ko saukewa, kafet ɗin kuma ya ciru cikin sauƙi don a riƙa wanke shi akai-akai. Kafet da ya cushe da baƙin yashi ya daina aiki, zinare bi ta kansa kawai yake yi. Ka haɗa da rariya, domin tsakuwa da gari idan suka gangaro tare, tsakuwar ke tunkuɗe ƙananan ƙwayoyin zinare. Daga nan sai kwanon wanki da maganaɗisu. A naɗe maganaɗisun a leda, a shawagi da shi a kan abin da aka tace, ya ɗebe baƙin yashi, sannan a sake wanke abin da ya ɗebo don yakan riƙo zinare a tsakani. Tebur mai girgiza ya fi kwano sauri da tsafta, amma sayen ƙungiya ne, yana son wuta da ruwa mai gudu ba yankewa.

Idan ka iya rage kayan zuwa giram 50 ko 100 wanda zinare ke bayyane a ciki, ka iso inda boraks, wani farin garin ma'adini, zai yi maka aiki. Ana gauraya shi da abin da aka tace, kusan awo ɗaya da ɗaya, a kaskon narka, a hura wuta har ta wuce digiri 1064 inda zinare ke narkewa. Boraks na narkar da dattin ya zama ruwan gilas a sama, zinaren ya taru a ƙasa. Abin saye a nan shi ne kasko mai jure wuta, abin hura wuta mai ƙarfi, awartaki, safar hannu da gilashin ido. Iyakarsa dole a faɗe ta: ba ya yafe tacewar ganganci. In yashi ya yi yawa, dattin zai yi kauri, ka fasa shi bayan ya huce ka tarar da ɗigon zinare a warwatse ciki. Haka nan dutsen da zinarensa ke ɓoye cikin ma'adinin farar wuta, ko wanda ya yi laushin da ido ba ya gani, ba ya ba da kai ga wannan hanya. Shi ya sa nake ba da shawarar a gwada da buhu ɗaya kafin a kashe kuɗi.

Wanda bai iya rabuwa da zaiba yanzu ba, abu biyu suka wajaba a kansa. Ya sa ta a kan abin da aka tace kaɗai, cikin roba, nesa da rafi. Sannan ya mallaki ritot, wato tukunyar ƙarfe mai murfi da bututun da ke sanyaya tururi. Curin zinare da zaiba da ake matsewa a ƙyalle kusan rabinsa zaiba ne, don haka curi mai giram 20 da aka ƙona a fili ya saki kimanin giram 10 a iska. Tururin ba shi da launi, ba shi da wari, kuma huhu na tsotse kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Tururin yana maƙalewa a bango da tufafi, shi ya sa ƙonawa a cikin gida ke cutar da yara da masu juna biyu da ba su taɓa zuwa rami ba. Rawar hannu, mantuwa, saurin fushi da ciwon dasashi su ne alamun da kan fara fitowa. Ritot mai kyau yana maido da mafi yawan zaibar. Ka zaɓi wanda murfinsa ke rufuwa gam, kada ka buɗe shi sai ya huce sarai, kuma ka zare bakin bututun daga ruwa kafin ka janye wuta, in ba haka ba zai zuƙo ruwa cikin tukunya mai zafi. Zinaren da ya fito ma yana da ɗan sauran zaiba, wadda za ta tashi lokacin narkewa.

Sayanaid kuwa ya fi kowace hanya ciro zinare mai laushi, sau da yawa fiye da kashi 90 cikin 100, amma ba kayan mutum ɗaya ba ne. Zaiba a hankali take ci, shi cikin mintuna yake kisa, domin yana hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa. Ruwansa dole a riƙe shi da hodar laim, mai kashe tsami, a kan 10.5 zuwa sama a ma'aunin tsami na pH. Da ya sauka, ko asid ya taɓa shi, sai iska mai guba ta tashi, kuma ba kowane hanci ke jin warinta ba. Kafin buhun sayanaid akwai na'urar gwaji, tafki mai shimfiɗar roba, shinge, ma'aji mai makulli, izinin hukuma da ƙwararren da ba ya barin wurin. Wanda ba shi da waɗannan gara ya sayar da ƙasarsa ga masana'antar da ke da su, bayan an auna zinaren da ke ciki.

Mafi muni shi ne zuba sayanaid a kan lakar da ta riga ta sha zaiba. Sayanaid na narkar da zaibar ta bi ruwa ta yi nisa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan zaiba, ta sa wannan cikin ayyuka huɗu da ake son kawarwa, tare da zuba zaiba a dutse gaba ɗaya, ƙonawa a fili, da ƙonawa a unguwannin jama'a. Ko don wannan kaɗai, lakar da ba a taɓa sa mata zaiba ba ta fi daraja a wurin mai saye, saboda haka a ware mata raminta daban tun ranar farko.