Ina binsa yana gudu: wa ya fara a cikinmu?

"Anti, ni a Tumfure nake, maigidana yana da shago a babbar kasuwar Gombe. Da mun samu saɓani sai ya yi gum, ya fice majalisa sai goma sha ɗayan dare. Ni kuma in bai ɗaga waya ba sai in yi ta kira. Ya ce na cika naci, ni na ce ba ya sona. Wa ke da laifi?"

'Yar'uwa, bari in ajiye ku gefe da gefe, don a ganina tsoro ne ke juya ku duka biyun, sai dai kowa da nasa.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, John Bowlby, da abokiyar aikinsa Mary Ainsworth, wadda ta yi nazarin iyaye mata da jariransu a Uganda a shekarun 1950, su suka fara bayanin yadda yaro ke shaƙuwa da mai rainonsa. A 1987 wasu masu bincike biyu, Hazan da Shaver, suka nuna salon shaƙuwar nan yana bayyana har a soyayyar manya. Biyu daga cikin salon su suka shafe ku: mai zullumi da mai kaucewa.

Mai zullumi tsoronta kada a bar ta. Shiru a wurinta alama ce ta haɗari, hankalinta ba ya kwanciya sai ta ji murya, ta ga fuska. Mai kaucewa kuwa tsoronsa kada a matsa masa, a nuna masa ya gaza. Sau da yawa tun yana ƙarami ya koyi cewa kuka ba ya kawo masa kowa, sai ya saba haɗiyewa. Kada shirunsa ya ruɗe ki: da aka auna bugun zuciyar jarirai masu wannan salo lokacin da uwa ta fita daga ɗaki, an ga ya ƙaru alhali fuskarsu ba ta nuna komai.

Na ga wannan a gidan ƙanwata. Da azahar ta tura wa mijinta saƙo kan kuɗin makarantar yara. Ya gani, ga masu saye a tsaye, ya ce a ransa sai anjima. Ita ta ga alamar an karanta, ba amsa. Kafin la'asar ta kira sau shida. Da ya ciro wayar ya ga kira shida, sai ya ce yau akwai rigima a gida, ya zarce majalisa bayan isha. Ta zauna a falo, tuwo ya huce a kula, yana sallama ta ce, "Dama na san ban da daraja a wurinka." Ya cire hula, ya juya fuska bango. Kin ga maganar kuɗin makarantar ko tashi ba ta yi ba. Kiranta ya tabbatar masa gida wurin tuhuma ne, jinkirinsa ya tabbatar mata an yi watsi da ita. Abin da kowa ya sha a matsayin magani shi ne ciwon ɗan'uwansa.

Ni na fi tausaya wa mai bi, gaskiya, don ita ake kira masifaffiya, shi kuma a yaba masa kawaici. Amma kawaici na gaske yana dawowa kan magana in rai ya huce. Wanda ba ya dawowa kaucewa ne. Kuma ba kullum mace ce mai bi ba. Na san maza masu naci ga matan da ke rufe ƙofa su yi shiru.

John Gottman, mai binciken zaman aure a Amurka, ya lura cewa in bugun zuciya ya haura kusan 100 a minti ana tsakiyar gardama, mutum ba ya iya sauraro, kuma yana buƙatar aƙalla minti 20 ya sauko. Don haka fitar maigidanki ba ita ce matsalar ba, fita babu ranar dawowa ce. Ya ce, "Raina ya ɓaci, bayan isha za mu yi magana," kuma ya cika. Ke kuma kira ɗaya, saƙo ɗaya, sai ki ajiye wayar. In ya zauna, magana ɗaya tak za ki ɗauko, ki faɗi tsoron maimakon zargin: "In ka yi shiru sai in ji kamar ka fita harkata." Ki kawo masa shawarar nan ranar da kuke raha, ba daren faɗa ba. Makonnin farko zai iya mantawa, ke ma hannunki zai yi ta kai wa waya.

Abu ɗaya ki duba da kyau. Mai kaucewa yana sassautowa in matsi ya ragu. In kuwa kin rage kira amma yana gaba da ke kwana da kwanaki don ki durƙusa, ko yana hana cefane, ko akwai duka, wannan cutarwa ce, ki sanar da waliyyinki, kada ki tsaya gyaran salon magana.