A mayar da ita kan diyazifam ko a rage burmazifam ɗin da take sha?

"Manyanmu, ina da majinyaciya mai shekara 50 da ta shafe shekara 5 tana shan burmazifam kullum, yanzu tana son ta daina. In mayar da ita kan diyazifam tukuna, ko in riƙa rage mata wanda take sha kai tsaye?"

Likita, ka mayar da ita kan diyazifam, matuƙar hantarta lafiya lau take kuma ba ta haɗawa da giya, taramol ko kodin. Na bi hanyoyin biyu a nan Zariya, kuma ɗaya ce kawai nake tunawa ba tare da jin kunya ba.

Wata Hajiya ce, mai sayar da atamfa daga cikin gida a Tudun Wada, wadda aka rubuta wa burmazifam tun tana takaba domin ta samu barci, sai ga shi bayan shekara 6 tana shan miligiram 3 sau uku a rana. Kukanta shi ne da zarar la'asar ta gabato sai ƙirjinta ya fara bugawa, hannunta ya ɗauki rawa, har sai ta haɗiyi ƙwayar. Ita tana ganin ciwonta ne yake tashi, alhali maganin ne yake raguwa a jini tsakanin sha da sha, domin rabin burmazifam ko lorazifam yana fita daga jiki cikin kamar awa 10 zuwa 20. Diyazifam kuwa yana ɗaukar awa 20 zuwa 100, kuma abin da hanta take sarrafa shi ya koma ya fi shi daɗewa, shi ya sa ma'auninsa a jini ba ya hawa da sauka, idan aka rage kuma jiki yana jin ragin a hankali.

Lissafin da na yi amfani da shi shi ne burmazifam miligiram 3 ya yi daidai da diyazifam 5, don haka 9 ɗinta sun zama 15. Wannan ƙiyasi ne kawai, jadawalai sun sha bamban a kai, shi ya sa ban sauya mata duka rana ɗaya ba. A makon farko na musanya na dare, a na biyu na safe, a na uku na rana, ina tambayarta kowane zuwa ko gyangyaɗi ya yi mata yawa ko kuma rawar jiki ta dawo. Daga nan na bar ta mako biyu ba ragi, tana shan 5 da safe, 10 da dare.

Ƙa'idar da jagororin Birtaniya suke bayarwa ita ce a rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari duk mako ɗaya ko biyu, jagoran da ƙungiyar likitocin jaraba ta Amurka ta fitar a 2025 kuwa ya ce duk mako 2 zuwa 4, kuma kada a wuce kashi 25 cikin mako biyu. Abin da ake yawan mantawa shi ne daga abin da mutum yake sha yanzu ake cire kason, ba daga abin da ya fara da shi ba, saboda haka matakin yana ƙanƙancewa yayin da ake sauka. Daga 15 zuwa 10 na riƙa cire mata kwatan ƙwayar 5, wato 1.25, duk mako biyu, kuma daga na safe nake cirewa domin barcinta ya tsira. Daga 10 zuwa 5 muka koma miligiram 1, ƙasa da 5 kuma rabin miligiram. Wannan ba ya yiwuwa sai da ƙwaya mai miligiram 2, wadda ba kowane kantin magani yake ajiyewa ba. Ɗanta ne ya riƙa nemo mata ita da takardata, yana yanka ta da reza a kan faranti, yana naɗe rabon kowace rana a takarda da sunan ranar a kai.

Da ta kai 4 azumi ya kama, barcinta ya rikice, ta zo tana roƙon a mayar da ita 5. Ban ƙara ba, ban kuma rage ba, na tsayar da ita a kan 4 ɗin har aka sha ruwa, kuma tun da a lokacin duk maganin ya koma dare, azumin bai taɓa shan sa ba. Gaba ɗaya tafiyar ta ci kusan wata 11. Ranar da ta gama ta aiko mini da ƙosai da kunu, da saƙon cewa ta yi barci har ta makara sallar asuba.

Ragewa a kan maganin da ake sha ita ma hanya ce da jagororin suka yarda da ita, amma ni ban ji daɗinta ba. Wani malamin makaranta ne da yake shan lorazifam miligiram 2, na riƙa cire masa rabin miligiram duk mako ina ganin ƙaramin abu ne, ban tsaya na lissafa cewa rabin miligiram na lorazifam diyazifam 5 ne ba. Kwana biyu da tsayar da na ƙarshe aka kawo shi yana jijjiga. Gaggawata ce ta jawo, sai dai ƙanƙantar ƙwayar ma ba ta ba ka damar ƙananan matakai. Duk da haka akwai waɗanda dole ka bar su a kan nasu: tsofaffi, masu ciwon hanta da waɗanda suka taɓa faɗuwa, domin diyazifam yana taruwa a jikinsu ya kawo ruɗewa da tangaɗi, alhali lorazifam ba ya barin wani abu mai aiki bayan hanta ta sarrafa shi. Wanda kuma yake da farfaɗiya, ko yake shan adadi mai yawa, ko yake haɗawa da wasu ƙwayoyi, ka tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa.

Majinyaciyarka za ta dawo maka tana cewa ciwon ya dawo, to ka duba lokaci da irin alamun. Alamun janyewa suna zuwa ne bayan ragi, a kan diyazifam sukan jinkirta har kusan mako guda, kuma sukan zo da abin da ba ta taɓa ji ba kafin ta fara maganin, kamar ƙarar kunne, jin haske da hayaniya sun yi mata yawa, ko jin kamar kiyashi yana bin fatarta, sannan su lafa idan aka tsaya a mataki ɗaya. Tsohuwar damuwa kuwa tana dawowa da kamanninta na da, tana ƙaruwa a hankali, kuma ita ce take bukatar nata maganin da zaman tattaunawa. Kada ka ba ta wasu ƙwayoyin barci irin su zolfidem a madadi, domin wuri ɗaya suke aiki a ƙwaƙwalwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu kemis da masu tallan magani a faranti. Akwai waɗanda suke sayar da diyazifam tsirara a ƙullin leda, ba kwali, ba lambar NAFDAC, ba wanda ya san ko miligiram 5 ne a ciki ko alli, kuma ƙwaya irin wannan tana rusa duk lissafinka. Akwai kuma wanda ya san majinyaciyarka shekara da shekaru, da ta yi ƙorafin rashin barci zai miƙa mata burmazifam ba takarda, kai kana ragewa shi yana cikewa. Ka rubuta mata na mako biyu kawai kowane zuwa, ta saya a kantin magani ɗaya mai rajista, ta riƙa zuwa maka da fankon katin kuna ƙirgawa tare. Kafin ka fara lissafin komai ma, ka ce ta juye maka duk abin da yake cikin jakarta a kan tebur, domin Hajiyar nan cewa ta yi sau biyu take sha, sai da na ga katunan na gane sau uku ne.